Agogon da Ke Danna Kansa: Gumi, Ruwan Sama da Amfanin Makullin Ruwa

Duk wanda ya ɗaura agogon zamani mai fuskar taɓawa a ƙasa mai zafi irin tamu ya san wannan hali. Ana tsakiyar tafiya cikin rana, ko yayyafi ya tarar da mutum a kan babur, sai fuskar agogon ta fara aiki ita kaɗai. Ta buɗe saƙon da ba a nema ba, ta tsayar da ƙidayar motsa jiki, ta sauya hoton fuska, wani lokaci har ta katse kira. Idan mai agogon ya kai yatsa don ya gyara, sai ta yi biris da shi, ko kuma ya danna nan ta buɗe can. Da yawa sukan yanke hukunci cewa an sayar musu da jabu, ko agogon ya lalace, su nufi wurin mai gyara a sauya fuskar da lafiyarta ƙalau.

Abin da ya kamata mai agogo ya fara rarrabewa guda ɗaya ne: ruwan yana kan gilashi ne, ko ya shiga ƙarƙashinsa? Idan a kai yake, tsumma mai laushi da saiti guda sun wadatar. Idan ya shiga ciki, babu saitin da zai yi magani. Wanda ya iya bambanta waɗannan biyun ba zai kashe kuɗi a banza ba, kuma ba zai zauna yana jira agogonsa na ruɓewa daga ciki ba.

Yadda fuskar ke gane yatsa

Fuskar agogon ba nauyin yatsa take ji ba. A ƙarƙashin gilashin akwai siraran layuka masu ɗaukar lantarki waɗanda ido ba ya gani, wasu a tsaye wasu a kwance, sun sarƙe kamar saƙar tabarma. A duk inda layi ya gitta layi akwai ɗan cajin lantarki, kuma wata ƙaramar na'ura a cikin agogon tana auna waɗannan mahaɗai ɗaya bayan ɗaya, sau da yawa cikin kowace daƙiƙa. Jikin ɗan Adam cike yake da ruwa da gishiri, don haka yana ɗaukar lantarki. Da yatsa ya sauka a gilashin, sai ya janye wani ɓangare na cajin wurin, na'urar ta ga adadin ya sauya a wannan mahaɗa, ta ce a nan aka taɓa. Shi ya sa tsinken sakace ko murfin biro ba sa motsa fuskar komai ƙarfin dannawa, amma yatsa ko shafa kawai ya yi sai ta amsa.

Matsalar ita ce ruwa ma yana sauya wannan awo. Masu ƙera agogo sun san da haka, kuma sun koya wa na'urar ta yi watsi da ɗigo guda da ke zaune shi kaɗai a tsakiyar gilashi, domin alamar da yake bayarwa ta bambanta da ta yatsa: ɗigon ba ya haɗe da wani babban jiki da zai kwashe cajin. Rikicin yana farawa ne idan ruwan ya malale ya zama shimfiɗa, ya taɓo ƙarfen gefen agogon ko fatar hannu. A lokacin ruwan ya zama hanya tsakanin gilashi da jikin mai agogon, kuma a wurin na'urar babu abin da ya raba shi da yatsa. Haka nan idan aka taɓa fuska mai jiƙe, ruwan yana watsa alamar zuwa wurare da dama, sai na'urar ta rasa takamaiman inda aka danna.

Wannan ne ya sa gumi ya fi ruwan sama rikita agogo. Gumi yana da gishiri, gishiri kuma yana ƙara wa ruwa ƙarfin ɗaukar lantarki. Ga shi daga fata yake fitowa, don haka tun farko a haɗe yake da jiki. Sannan yana zuwa da maiƙon fata, ba ya taruwa ɗigo-ɗigo, sai dai ya shafe gilashin baki ɗaya. Ko bayan ya bushe yakan bar gishiri da datti, waɗanda ke sake jan laima da zarar an ƙara yin zufa. Shi kuwa ruwan sama da motsi yake ɓarna: ɗigon da ya faɗo yana kama da dannawa, wanda ya gangara kuma yana kama da jan yatsa. Akwai kuma na uku da ba a cika zargi ba, wato hannun riga. Dogon hannun kaftani ko gefen hijabi, idan ya jiƙe da gumi ko ruwa yana goga gilashin, aikin yatsa yake yi sosai.

Gwajin da ke raba gardama

Kafin a taɓa kowane saiti, a yi wannan gwaji a gida. A cire agogon daga hannu. A cire duk abin da aka ƙara masa, ko gidan roba ne ko sikirin gad. A jiƙa tsumma mai laushi, irin na goge tabarau, da ruwa mai tsabta, a goge gilashin da gefensa da bayansa don a kwashe gishirin gumi, domin busasshen tsumma shi kaɗai watsa gishirin kawai yake yi. Sai a bi da busasshen gefen tsumman, a ajiye agogon a inuwa inda iska ke bi na kamar rabin awa. Kamfanin Apple ya yarda a tara agogonsa a ƙarƙashin famfo mai zuba a hankali, da ruwa mai ɗan ɗumi, na daƙiƙa 10 zuwa 15, ba tare da sabulu ba. Ga agogon da ba a tabbatar da juriyarsa ga ruwa ba, a tsaya a kan jiƙaƙƙen tsumma.

Bayan ya bushe, a kashe shi a sake kunnawa. Idan fuskar ta ƙi bari a kai ga wurin kashewa, akwai hanyar maɓallai. A Apple Watch ana danne maɓallin gefe da Digital Crown tare na aƙalla daƙiƙa 10 har tambarin kamfanin ya bayyana. A Galaxy Watch na Samsung ana danne maɓallan Home da Back tare na fiye da daƙiƙa 7.

Daga nan sai a ajiye agogon a kan tebur, fuskarsa a kunne, a zuba masa ido na 'yan mintuna ba tare da an taɓa shi ba. Bayan haka a buɗe wani abu mai maɓallai da yawa a fuska, kamar kalkuleta ko wurin buga lambar waya, a danna kowace lamba da busasshen yatsa. Idan agogon ya zauna lafiya kuma kowace lamba ta amsa a wurinta, to fuskar ba ta da ciwo, ruwan waje ne ke ruɗa ta. Idan kuwa a bushe ma yana danna kansa, ko wani gefe ya mutu, matsalar ta wuce gilashi, kuma za mu zo kanta.

Abin da makullin ruwa ke yi

Makullin ruwa, wanda ake gani a fuskar agogo da sunan Water Lock da alamar ɗigon ruwa, saiti ne da ke umartar agogon ya daina sauraron gilashinsa kwata-kwata. Tunda na'urar ba ta iya raba gumi da yatsa, sai a ce ta ƙyale su duka har sai an buɗe da maɓalli, wanda ruwa ba ya iya dannawa. Sauran ayyukan agogon suna ci gaba: yana ƙirga taku, yana auna bugun zuciya, yana bin nisan tafiya, saƙo yana shigowa.

Apple ya kawo shi ne a 2016 tare da Apple Watch Series 2, agogonsa na farko da aka yarda a yi iyo da shi. Don kunnawa sai a buɗe Control Center a danna alamar ɗigon. A manhajar watchOS 10 da ta fito a 2023 da waɗanda suka biyo ta, maɓallin gefe ake dannawa Control Center ya buɗe, a tsofaffin kuwa daga ƙasan fuska ake jan yatsa zuwa sama. Wajen buɗewa ma akwai bambanci da ke rikita mutane: daga watchOS 9 zuwa yanzu danne Digital Crown ake yi a riƙe har fuskar ta nuna Unlocked, a watchOS 8 da na baya kuwa murza shi ake yi. Idan aka zaɓi iyo a cikin Workout, makullin yana kunna kansa.

A Galaxy Watch ana jan yatsa daga saman fuska zuwa ƙasa, a danna alamar ɗigon a jerin da ya sauko. Buɗewa kuma danne maɓallin Home ne na kamar daƙiƙa 2. A nan makullin yana kashe har da farkawar da agogo ke yi idan an ɗaga hannu, saboda haka wanda ke son ganin lokaci sai ya danna maɓalli.

Idan aka buɗe makullin, agogon yakan yi wata ƙara mai kauri sau da dama. Wasu sukan firgita su ɗauka alamar lalacewa ce. Sifikar agogon ce ke karkarwa da gangan don ta fesar da ruwan da ya maƙale a raminta. Yana da kyau a juya gefen sifikar ƙasa a lokacin, sannan a goge. Idan murya ta ci gaba da fita a dishe, a sake kunna makullin a buɗe, ko a bar agogon ya sha iska. Kada a tura allura ko tsinke cikin ramin, domin a bayansa akwai siririn tantani da ke tare ruwa, kuma in ya huje shi ke nan.

Sai babban kuskuren da ke cinye agoguna. Makullin ruwa ba ya toshe ko da rami ɗaya. Ba ya rufe sifika, ba ya ƙara wa agogo juriya. Abin da ke hana ruwa shiga shi ne gam da zoben roba da tantanin da aka saka a masana'anta, kuma suna nan yadda suke ko an kunna makullin ko ba a kunna ba. Wanda ya manta bai kunna ba ruwa ya dake shi bai cuci agogonsa ba. Wanda kuma ya kunna a agogon da gam ɗinsa ya saki, ya shiga ruwa da shi, makullin ba zai cece shi ba.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

A ɗauki wani matashi da ke gudun motsa jiki da sassafe a watan Afrilu, lokacin da zafin bazara ya kai maƙura. Agogonsa yana cikin gidan roba mai haɗe da gilashin kariya, irin wanda ake sayarwa a kasuwar waya. Kullum idan ya yi nisa gumi ya keto, sai ƙidayar gudun ta tsaya da kanta. Idan ya dawo gida ya goge fuskar, rikicin ba ya ƙarewa, yakan kai har hantsi agogon na buɗe abubuwa shi kaɗai.

Wannan ci gaban rikici bayan an goge shi ne ya kamata ya ja hankali. Da gumin saman gilashi ne kawai, da gogewa ta kawo ƙarshensa. Da ya cire gidan robar, sai ga laima kwance tsakanin gilashin kariya da ainihin fuskar, da farin gishiri a gefe-gefe. Gumi yana silalowa ta gefen robar ya maƙale a inda tsumma ba ya kaiwa kuma iska ba ta shiga. Ya wanke gidan robar daban, ya goge agogon da jiƙaƙƙen tsumma, ya bar shi ya bushe, ya yi gwajin tebur da na kalkuleta. Komai ya amsa daidai. Ke nan fuskar lafiya take.

Washegari ya fita ba tare da gidan robar ba, ya bi tsari mai sauƙi. Tun yana bakin ƙofa, hannunsa a bushe, ya fara kunna ƙidayar gudu, bayan ta fara aiki ya kunna makullin ruwa. Jerin yana da muhimmanci. Idan aka kulle da farko ba za a iya taɓa fuska a kunna ƙidayar ba, idan kuma aka jira har gumi ya zubo, alamar ɗigon kanta za ta yi wuyar dannawa. Idan Apple Watch ne, zai iya dakatar da ƙidayar a hanya ba tare da buɗe makullin ba, ta hanyar danna Digital Crown da maɓallin gefe a tare. Da ya gama, ya fara goge gilashin da yatsunsa, sannan ya buɗe makullin ya rufe ƙidayar. Wanda ya buɗe makullin alhali gilashi na jiƙe ya koma gidan jiya, domin a wannan ɗan lokacin ne ruwa zai iya danna abin da zai ɓata aikin safiyar.

Wannan tsari shi ne na mai babur idan ya ga hadari ya haɗu, da mai wanki, da manomi a damina: a kulle kafin ruwa, a goge kafin a buɗe.

Alwala, turare da man shafawa

Mai salla yana haɗa agogonsa da ruwa sau da yawa a rana, fiye da yadda mai iyo ke yi a mako. Mafi sauƙi shi ne a cire agogon a sa a aljihu, a tsane hannu kafin a mayar. Amma akwai tarko a nan. Agogon da aka sa wa lambar sirri yana kulle kansa da zarar ya bar hannu, kuma jiƙaƙƙen yatsa yana buga lamba ba daidai ba. A Apple Watch akwai saitin Erase Data a cikin Passcode, wanda idan yana kunne yake goge duk abin da ke agogon bayan kuskure 10. Don haka a bushe yatsa da gilashi kafin a buga lamba. Wanda ya fi son ya matsar da agogon sama kawai ya wanke wurin, ya kunna makullin kafin ya ɗauki buta.

Ruwan alwala mai tsabta ba ya cutar da agogo mai cikakkiyar juriya. Abubuwan da ke cin gam da roba a hankali su ne sabulu, turare, man shafawa, maganin sauro na shafawa, da tururin ruwan zafi. Mu kuwa a wuyan hannu muke shafa turare, da hunturu kuma mu bi da mai. A shafa, a bari ya shiga jiki, sannan a ɗaura agogo. Man da ya hau gilashi ma yana sa ruwa ya malale maimakon ya gangare.

Idan agogon ba shi da makullin ruwa

Agoguna masu sauƙin kuɗi da suka cika kasuwa ba duka ke da wannan saiti ba. A wasu, zaɓar iyo a jerin wasanni yana kulle fuskar, sai dai ƙidayar da za a samu ta iyo ce, ba ta gudu ba. Dabarar da ta fi aiki ita ce a hana fuskar farkawa barkatai, domin fuskar da ke barci ba ta cika yin ɓarna ba. A shiga saitin fuska a kashe farkawa da ɗaga hannu da farkawa da taɓawa, a rage daƙiƙun da haske ke ɗauka kafin ya mutu, a bar maɓalli kaɗai ya riƙa tada shi. A Galaxy Watch sunayensu Raise wrist to wake da Touch screen to wake, a cikin Display. A wurin akwai kuma Touch sensitivity, wanda aka yi don masu sa safar hannu. Idan yana kunne fuskar tana ƙara saurin amsawa, har ga abin da bai kamata ba, saboda haka a kashe shi a lokacin zafi da damina. A naɗe hannun riga ya wuce agogon. Wanda kuma aikinsa kullum cikin gumi yake, idan zai sayi sabo ya nemi mai maɓallai da za su iya gudanar da shi ba sai an taɓa gilashi ba.

Lokacin da ruwan ya riga ya shiga

Alamomin a bayyane suke. Hazo a cikin gilashi wanda gogewa ba ta cirewa, musamman idan an fito daga ɗaki mai sanyi zuwa rana. Fuskar da ke danna kanta a bushe bayan an sake kunnawa. Layuka ko tabo a hoto. Batir mai ƙarewa da wuri ko agogo mai ɗumi ba dalili. Gilashin da ya ɗan ɗago daga jikin agogon, wanda sau da yawa kumburin batir ke turo shi. Idan an ga ɗaya daga cikinsu, a kashe agogon nan take, kuma kada a sa shi caji, domin lantarki da laima mai gishiri su ke cinye siraran hanyoyin da ke ciki. Kada a shanya shi a rana ko a hura masa iska mai zafi, zafi yana narkar da gam kuma yana da haɗari ga batir. Binne shi cikin shinkafa ma ba ya zuƙo ruwan da ke bayan gilashi, lokaci kawai yake ci. A kai shi wurin mai gyara da wuri. Akwai kuma abu guda da ke kama da wannan amma ba shi ba: idan agogon yana rikicewa ne kawai sa'ad da yake kan caji, a fara sauya kan caja, domin caja marar kyau tana dagula awon fuskar.

Rubutun da ke bayan agogo ko kwalinsa yana faɗin iyakarsa. IP67 yana nufin ya jure nutsewar mita 1 na minti 30 a ruwa mai tsabta da ba ya motsi. IP68 ya ɗara haka, gwargwadon abin da kamfanin ya ƙayyade. Duka biyun sun isa ga gumi, yayyafi da wanke hannu. 5ATM shi ne wanda aka gwada da matsin da ya kai na zurfin mita 50, kuma da shi ake iyo a ruwa marar zurfi. Sai dai an yi waɗannan gwaje-gwaje ne a kan sabon agogo. Faɗuwa ƙasa, tsagewar gilashi da tsufa duk suna rage juriyar, kuma agogon da aka taɓa buɗewa aka sauya masa fuska ko batir ba lallai ya koma yadda ya fito daga masana'anta ba. Duk wanda ya karɓo agogonsa daga gyara ya tambayi mai gyaran ko ya sa sabon gam ɗin da ya dace da shi. Idan amsar ba ta gamsar ba, ya riƙa cire shi kafin alwala da wanka, ya kuma sa shi a aljihu idan ruwa ya sauko da ƙarfi.